Kashi Takwas Cikin Ɗari

Bayan sallar la'asar ranar Alhamis aka miƙa wa Hauwa sabuwar manhajar lissafin albashi domin ta sa hannu cewa gwaji ya kammala. Kamfaninsu da ke Ikeja yana shirya wa wasu masana'antu albashi, kuma da ƙarfe biyar za a tura wa banki jerin ma'aikata 640. Ita ce ƙarama a sashen gwaji, kuma tunda duk gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta sun nuna kore, alamar babu kuskure, kowa ya ɗauka sa hannunta cika sharaɗi ne kawai.

Sai dai Hauwa ba ta sa hannu sai ta zari takardar albashin mutum ɗaya ta lissafa da biro, abin da abokan aikinta suka daɗe suna yi mata tsiya a kai. Ta zaɓi ta wani direba wanda ainihin albashinsa da kuɗin gida da na sufuri suka kama naira 150,000. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani kuma ya zuba kashi 10 daga aljihunsa, don haka naira 12,000 ya kamata a cire masa. Takardar ta nuna 27,000. Ta duba ta wani mai gadi, ta duba ta manajan masana'antar, duk kashi 18 aka zaftare musu.

Ta samu Malam Bashir, shugaban sashen, yana haɗa jakarsa don ya riga cunkoson hanyar Agege.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a dakatar da biyan nan."

"Malama Hauwa, akanta ya duba jimillar kuɗin fansho, kuma ta yi daidai har kwabo."

"Dole ta yi daidai, yallaɓai, domin kashi 18 ne ake turawa asusun fansho. Amma manhajar daga albashin ma'aikaci take kwashe duka, kamfani bai zuba ko sisi ba, gwajinmu kuwa jimillar kaɗai yake dubawa."

Malam Bashir ya ajiye jakar, ya karɓi takardar, ya bi lissafin da yatsa. Akanta ya lura tun da safe cewa kuɗin da za a biya sun ragu, amma ya jingina ragin ga bashin ragon layya da aka fara cirewa a watan. Saura minti 20 a tura jerin, Malam Bashir ya kira sashen kuɗi ya ce kada kowa ya taɓa komai.

Gyaran layi ɗaya ne a cikin manhajar, amma sake lissafin ya kai su bayan isha'i, albashi kuma bai shiga ba sai safiyar Juma'a. Kafin a tashi, Malam Bashir ya umarci Hauwa ta rubuta sabon gwaji mai duba kason ma'aikaci daban, na kamfani daban, ta kawo masa ranar Litinin.