Jawabin Maraba ga Sababbin Ɗalibai a Taron Wayar da Kai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Shugaban Tsangaya, shugabannin sassa, malamanmu masu daraja, da ƙannena sababbin ɗalibai, barkanmu da safiya.

A madadin ɗaliban aji huɗu na Tsangayarmu, ina yi muku maraba da zuwa Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta buɗe ƙofofinta a nan Zariya a shekarar 1962, kuma take ɗauke da sunan Sardaunan Sakkwato. Kun ci jarrabawa, an tantance ku, kun samu gurbin da mutane da yawa suka nema ba su dace ba, saboda haka muna taya ku murna, ku da iyayen da suka ɗauki ɗawainiyarku.

Babban abin da nake son ku riƙe shi ne, a nan ba a kaɗa ƙararrawa, kuma babu wanda zai bi ku ɗaki ya tashe ku lakcar ƙarfe takwas, ko da kuwa sanyin hunturun Samaru ya sa bargo ya yi daɗi. Amma duk abin da kuka yi tun daga wannan zango ana rubuta shi, kuma zai bi ku har ranar yaye ɗalibai. Bari in nuna muku lissafin. Kowane kwas yana da nauyinsa. Idan mai nauyi 3 ne, wanda ya ci maki 70 ko fiye ya samu A mai daraja 5, wato 5 sau 3, ya tashi da 15. Wanda ya ci 50 ya samu C mai daraja 3, wato 3 sau 3, ya tashi da 9. Wanda kuwa ya faɗi ba shi da ko ɗaya, ga shi dole ya sake ɗaukar kwas ɗin baɗi a kan na ajinsa. Ana tara waɗannan duka a raba da jimillar nauyin kwasa-kwasan, abin da ya fito shi ne CGPA. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa ne daga 4.50. Tun da kowane zango tarin yana ƙara yawa, ɗaga makin da ya faɗi a aji ɗaya yana ƙara wuya, shi ya sa za ku ga 'yan ajinmu riƙe da kalkuleta suna lissafin abin da tuni ya wuce gyara.

Don haka ku halarci lakca, domin ƙa'ida ta tanadi halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a zauna jarrabawa, kuma kada ku raina gwaji da aikin gida, waɗanda makinsu ke shiga sakamakon ƙarshe. Satar amsa kuwa hukuncinta yana iya kaiwa ga kora.

Game da rajista, kada ku cike kwasa-kwasai da ka, ko bisa abin da aboki ya ce. Ku je wurin malamin da aka ɗora wa kula da ajinku ya duba ya sa hannu. Kuɗin makaranta a biya shi ta hanyar da jami'a ta bayyana kawai, kada a damƙa wa wani a bakin ƙofa don ya ce zai hanzarta muku. Kowace takarda da rasit ku yi musu kwafi, ku ajiye na asali a jaka guda, domin za a sake neman su a shekarar ƙarshe. Wanda kuɗi ya yi masa wuya kada ya yi shiru. Akwai asusun lamunin ɗalibai na Gwamnatin Tarayya, NELFUND, kuma muna iya nuna masa yadda ake nema.

Ku yi rajistar Laburaren Kashim Ibrahim da ta asibitin jami'a a makon nan, tun kafin zazzaɓi ya kama ku da tsakar dare. A ɗakunan kwana, ko Amina ne ko Suleiman, za ku zauna da mutanen da harshenku da addininku ba ɗaya ba; ku yi haƙuri da juna, ku kulle akwatinku, kuma ku guji duk ƙungiyar da ake gayyatar mutum cikinta a ɓoye. 'Yan'uwana mata, da mazan ma, duk wanda aka matsa masa ta hanyar da ba ta dace ba ya kai ƙara Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai.

Matambayi ba ya ɓata, mu kuma da muka riga ku zuwa a shirye muke mu amsa. Da zarar an tashi daga nan, za ku same mu a bakin wannan zaure, mu raba ku rukuni-rukuni mu zagaya da ku ɗakunan lakca, da laburare, da ofisoshin sassanku. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa ku gama lafiya. Na gode.