Neman a mayar mini da kuɗin ajiya na gida mai lamba 14

18 ga Afrilu

Zuwa ga mai gida,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu takardarka ta ranar 12 ga wannan wata, wadda a cikinta ka sanar da ni cewa za ka cire kashi 60 cikin 100 na kuɗin ajiyar da na bayar lokacin da na kama haya. Na tashi daga gidan ranar 31 ga Maris, na miƙa makullai ga wakilinka bayan mun zagaya ɗakunan tare, kuma har yau ko ragowar da babu gardama a kanta ba ta zo hannuna ba.

Mafi girman abin da ka cire shi ne kashi 30 na fenti. Sakin layi na 7 na yarjejeniyarmu ya ɗora wa ɗan haya gyaran ɓarnar da ya yi da hannunsa ne kawai, ban da tsufan da zama ke jawowa. Fentin da aka shafa tun kafin shigata, ya kuma shekara uku ana zaune a cikinsa, dole ya dusashe ko wane ne a gidan, kuma hotunan da muka ɗauka ranar fita sun nuna babu huji ko zane a bango.

Kashi 15 na silin ɗin ɗakin kwana ya fi ba ni mamaki, domin yoyon rufi ne ya ɓata shi, ni ne kuma na rubuto maka sau biyu a watan Agusta ina roƙon a turo mai gyara, ba a turo ba. Gyaran rufi haƙƙin mai gida ne.

Kuɗin wuta, kashi 6, na biya su har zuwa ranar tashina, lambar da mita ta nuna tana kan rasit. Kashi 5 na share gida kuwa, wakilinka da kansa ya sa hannu cewa ya karɓi gidan a tsabtace. Gilashin tagar kicin a hannuna ya fashe, don haka na amince da kashi 4 da ka sa masa.

Saboda haka ina roƙon a mayar mini da kashi 96 cikin 100 na kuɗin, ta asusun da nake biyan haya da shi, kafin ranar 2 ga Mayu. Idan kana da rasit ko takardar ƙiyasin ma'aikaci da ta saɓa wa abin da na faɗa, a aiko mini in duba. In wa'adin ya wuce ban ji daga gare ka ba, zan kai maganar kotu, ko da yake na fi son mu kashe ta tsakaninmu.

Na haɗa kwafin yarjejeniyar, hotunan, saƙonnin biyu, rasit ɗin wuta da takardar karɓar gida.

Na gode, ka huta lafiya.

Tsohon ɗan hayarka na gida mai lamba 14