Sanarwa ga shugabannin ƙungiyoyi da kociyoyi: jadawalin gasar ƙwallon kwando ta shiyya da aka gyara

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kwamitin shirya gasa ya sake zama a kan jadawali, kuma wannan takarda ta soke wadda kuka karɓa makon jiya. Don Allah kowa ya ajiye tsohuwar, kada direban wata ƙungiya ya tashi da ita a hannu.

Dalilin gyaran shi ne hukumar babban zaure ta sanar da mu cewa tun kafin mu nema an riga an bayar da zauren ranar Laraba, 11 ga wata, domin gasar ƙwallon raga. A ranar muka sa zagaye na uku. Wasu sun kawo shawarar a tattara wasanni huɗun a ƙaramin zaure tun daga safe, amma ba mu yarda ba. Wasanni biyu na ƙarshe a kowane rukuni dole a buga su lokaci guda, domin kada wata ƙungiya ta shiga fili ta riga ta san yawan makin da zai ishe ta. Zaure ɗaya ba zai ba mu haka ba. Saboda haka zagaye na uku ya dawo Talata, 10 ga wata, Laraba kuma ta zama ranar hutu.

Ƙungiyoyi 8 ne a rukuni biyu, wasanni 12 ke nan a matakin rukuni. Ranar Asabar, 7 ga wata, da ƙarfe 3:00 na yamma A1 za ta kara da A2 a babban zaure, B1 da B2 a ƙarami. Da ƙarfe 6:00 sai A3 da A4, da kuma B3 da B4.

Ba a banza muka bar A3 da B4 zuwa ƙarfe 6:00 ba. A3 za ta yi tafiyar kilomita 620, B4 kuma 540, yini guda cur a mota. Duk wanda ya taɓa horar da yara ya san yadda gwiwa da baya suke sandarewa bayan irin wannan zama, balle dogayen 'yan wasa da ƙafarsu ba ta samun wurin miƙewa a bas. Muna son ƙungiyoyin nan biyu su iso ranar Alhamis, 5 ga wata, kuma kwamiti ya ɗauki nauyin masaukin ƙarin daren. Sauran su iso ranar Juma'a kafin ƙarfe 4:00, lokacin tantance 'yan wasa 12 na kowace ƙungiya.

Lahadi ce ta fi ba mu wahala. Ko ta yaya aka juya lissafin, sai ƙungiya ɗaya a kowane rukuni da ta buga wasan ƙarfe 6:00 ranar Asabar ta buɗe wasa washegari. Abin ya faɗa kan A4 da B3, waɗanda tafiyarsu ba ta kai awa biyu ba. Mun san ba daɗi. Abin da muka iya shi ne tura wasan farko zuwa ƙarfe 4:00, ta yadda za a sami awa 22 tsakanin fara wasa da fara na gaba: A2 da A4, B1 da B3. Da ƙarfe 6:30 sai A1 da A3, B2 da B4. Ƙasa da awa biyu da rabi ba za mu bari a tsakani ba, domin minti 40 ɗin da ke kan agogo, idan aka haɗa da hutun rabin lokaci na minti 15 da tsaye-tsaye da jifar fanareti, yakan kusa cinye awa biyu, kuma idan aka yi kunnen doki akwai ƙarin minti 5.

Litinin hutu ce, kowace ƙungiya tana da awa ɗaya ta atisaye. Ranar Talata rukunin A zai buga da ƙarfe 3:00, A1 da A4 a babban zaure, A2 da A3 a ƙarami. Rukunin B da ƙarfe 6:00, B2 da B3 a babba, B1 da B4 a ƙarami. Wasannin kusa da na ƙarshe ranar Alhamis, 12 ga wata, neman na uku da wasan ƙarshe ranar Asabar, 14, duk a babban zaure.

A kula da hanya tsakanin masauki da ƙaramin zaure, takan cushe da yamma, a tashi awa biyu kafin wasa. Dokar FIBA muke bi: ƙungiyar da ba ta fito da 'yan wasa 5 a shirye ba minti 15 bayan lokacin da aka sa, an cinye ta 20 da nema, kuma ba ta da maki ko ɗaya a tebur, alhali wadda ta buga aka doke ta tana da maki 1.

Mai ƙorafi ya rubuto wa sakatariya kafin ƙarfe 12:00 na ranar Talata, 3 ga wata. Daga nan za a miƙa jadawalin ga alƙalan wasa da ma'aikatan lafiya, kuma ba za a sake taɓa shi ba.

Sakataren Kwamitin Shirya Gasa