Saƙo ga Sani, kafin ka sake buɗe wasan tirela

Sani, na ga hoton da ka turo na tagar da Steam ya buɗe maka, yana tambayar wace ajiyar wasa za ka riƙe, ta gida ko ta sama. Kada ka danna komai tukuna, ka bar tagar yadda take.

Ga yadda aka yi. Ran Talata na buga Euro Truck Simulator 2 a ordinaterina a jami'a, rezo ya ɗauke kafin in rufe wasan, ajiyata ba ta hau Steam Cloud, wato gajimaren da Steam ke ajiye wasa a intanet, ba sai jiya da dare. Kai kuma ran Laraba ka buga a ta gida a Birni, kuran ya tafi, taka ma ta tsaya cikin na'ura. Yanzu Steam na ganin ajiya biyu masu tushe ɗaya, kuma ba ya haɗa su. Wadda ka zaɓa za ta danne ɗayar.

Shi ya sa kwafi ne farko. Samo kile ɗin Baba, ka shiga nan:

```
C:\Program Files (x86)\Steam\userdata
```

Za ka ga jakunkuna masu sunan lambobi, ta asusuna da ta Habu, tunda shi ma ya shiga da nasa a na'urar. A cikin kowace nemi 227300, lambar wasan ke nan a Steam. Kwafe ta duka, ka sa mata kwanan wata. Ni na riga na kwafe tawa.

Sannan ka koma tagar. Tana nuna lokacin ajiyar gida da na ta sama, amma kada sabuntar lokaci ta ruɗe ka. Mutum na iya buɗe wasa minti 2 ya rufe, ajiyarsa ta zama "sabuwa" alhali bai kai ko kaya ɗaya ba. Ga shi ordinaterin gida batirin agogonta ya mutu, duk ɗaukewar kuran sai kwanan wata ya koma baya, don haka lokacinta ba shaida ba ne. Abin dubawa shi ne wa ya fi nisa. Ni tafiya 2 kawai na yi, kai ka ce ka sayi gareji da tirela ta uku. Taka ta fi. Zaɓi ta gida, ka jira alamar gajimare ta nuna an gama lodi. Tafiyoyina na yafe.

Batun Habu kuwa, da ya buga da asusunsa a na'urarmu: Steam ba ya haɗa asusu biyu, kowa da gajimarensa. Kuɗin da ya tara suna wajensa, ba za su shigo namu ba, ya daina damunka.

Daga yau duk wanda ya gama, ya fita ta cikin wasan, ba ta maɓallin kashe na'ura ba, ya bar rezo a kunne har lodi ya ƙare, sannan ya turo wa ɗayan "na sauka". Forfe ɗin ba zai ci da yawa ba, zan turo maka jika ɗaya ran Juma'a.

Ka gaida Inna.