Kayan kaka sun sauka: sari kawai, Kasuwar Dole, Damagaram

Assalamu alaikum ƴan kasuwa, masu shago, masu tebur, da hajiyoyinmu masu kai kaya gida-gida. Manoma sun fara sayar da wake da gyaɗa, kuɗi sun shiga ƙauye, biki ya kunno kai, ga ɗari tafe. Ga abin da ke mangaza wannan sati. Sari ne, ba mu sayar da ɗai-ɗai, ko ɗan'uwa ne ya zo. In na sayar wa mai ɗinki turmi guda a kuɗin sari, ku wa za ku sayar wa?

LITININ: ATAMFA

Ƴar China mai sauƙi, daga Kantin Kwari ta Kano, yadi 6 kowane turmi. Daga turmi 20, jika 4 da rabi. Wanda ya ɗauki dila, turmi 100, jika 4 da dala 50. A kasuwar ƙauye tana fita jika 5 da rabi ba tare da an yi ta ciniki ba, ke nan turmi 20 ka zuba jika 90, ka ga jika 20 kafin ka cire kuɗin mota.

Zane kala 14 ne, amma ku ji shawarata: mai ja da ruwan goro, da mai kore mai manyan furanni, su ne ke tashi a Mirriya da Matamaye. Masu duhun nan na ƴan birni ne, kyau a ido, nauyi a kan tebur. Kada ka cika jaka da abin da ya burge ka, kai ba kai za ka ɗaura ba. Mun jiƙa ƙyalle ɗaya cikin ruwan sabulu ya kwana: jan ya ɗan saki a wankin farko, koren bai motsa ba. Ku faɗa wa mai saye haka tun kafin ta biya, don ta dawo.

Masu neman anko, kala ɗaya har turmi 60 akwai, sai dai da kafin alƙalami, rabin kuɗi.

TALATA: BARGO DA GWANJO

Bargo mai ninki biyu, na gado babba, cikin jakarsa mai zif. Guda 10 a ƙunshi, jika 7 kowane. Na ƴan Tanut da Gure da masu hawa Agadas ne tun yanzu. Ku ɗauka kafin Disamba, don bargon da ya kai watan Maris a shago sai ya shekara.

Rigunan sanyi na yara, gwanjo, dila mai kilo 45, ta hanyar Lome ta zo. Jika 85. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ke zagayowa ta Burkina, kwana da kuɗin hanya duk sun ƙaru, kada wani ya kawo mini farashin da. Dila a ɗaure muke saye, a ɗaure muke sayarwa. Ba a kwancewa a zaɓa, kuma in an yanke ƙarfen ba ta dawowa. Sabon shiga ya haɗa kai da wani su raba.

LARABA: ƘANANAN KAYA

Silifas na roba, lamba 36 zuwa 44 a gauraye, dozin jika 3 da rabi. Daga dozin 5.

Kular abinci mai uku, ta kayan ɗakin amarya, kwali na saiti 6, jika 42. A buɗe kwali a duba murfi ɗaya-ɗaya a gabanmu, abin da ya tsage mu canza nan take.

Kallabi da mayafi sun ƙare. Ana hanya.

YADDA MUKE CINIKI

Farashin nan na sefa ne. Mai biya da naira, canjin ranar za a bi, ba na jiya ba. Kayan Kano kuwa da canjin suke hawa da sauka, shi ya sa farashin wannan sati iyakarsa ranar Asabar.

Na nesa ya turo kuɗi ta Nita ko Amana, ya aiko hoton rasit, Mutari na shagonmu ya kai kayan tasha da sunan mai kaya a jikin buhu. Kuɗin mota da na ɗan dako na mai kaya ne. Magarya, Dungas, Kance da Takeita a yini suke samu, Difa kuwa sai ta kwana. Bashi sai ga wanda muka shekara muna hulɗa, shi ma zuwa kasuwa mai zuwa.

Gobe Alhamis babbar kasuwa, shago ba ya shiguwa bayan hantsi. Mai son a ware masa kaya ya kira yau kafin la'asar. Bargo saura ƙunshi 9.