Takardar Neman Hutun Aure

Unguwar Rogo, Jos
Litinin, 20 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Maigida, Alhaji Garba,
Shagon Kayan Gini,
Titin Bauchi, Jos.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne in nemi izinin hutu na mako biyu saboda aurena, daga ranar Litinin 17 ga Nuwamba zuwa ranar Asabar 29 ga Nuwamba, 2025. Idan an cire Lahadi, kwanakin aiki 12 ke nan. In Allah ya yarda zan dawo bakin aiki ranar Litinin 1 ga Disamba, da ƙarfe takwas na safe.

Na taɓa yi maka maganar da baki lokacin da magabatana suka je neman aure. Yanzu manya sun tsayar da rana: za a ɗaura aure ranar Asabar 22 ga Nuwamba, da ƙarfe sha ɗaya na safe, a ƙofar gidan iyayen yarinyar a garin Bauchi. Ranar Lahadi 23 ga wata za a kawo amarya Jos, washegari Litinin kuma a yi walima a gidanmu bayan sallar La'asar.

Na san mako biyu ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake so in faɗi dalili. Kamar yadda ka sani, mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a ɗakinmu. Baffana ne zai karɓa mini aure, amma shekaru sun ja, ba zan bar masa zirga-zirga ba. Gyaran ɗakin da amarya za ta zauna bai ƙare ba, saura fenti da haɗa wuta, kuma dangin amarya za su zo jere ranar Alhamis 20 ga wata, dole su tarar an gama. Ga neman motocin da za su kai 'yan ɗaurin aure Bauchi su dawo da su, ga masaukin baƙin da za su zo daga Lafiya da Zariya. Mako na biyu kuwa na sallamar baƙi ne da zagayen godiya ga dangi da maƙwabta, abin da Hajiyarmu ta ce ba za a ɗaga ba.

Ban manta da cewa lokacin nan ne aikin gini ke tashi ba, tunda damina ta ɗauke, kuma sito ba wurin da za a bari haka kawai ba ne. Na zauna da Malam Sani, ya amince zai riƙe makulli da littafin shige da ficen kaya idan ka yarda. Ya san aikin, don shi ya riƙe mini lokacin da na yi jinya bara. Ranar Asabar 15 ga Nuwamba za mu ƙirga komai tare, siminti da rodi da kwano da fenti da ƙusa, mu sa hannu mu biyu, in kawo maka takardar kafin in tashi. Sunayen 'yan kwangilar da suka biya kuɗi ba su gama kwashe kayansu ba, su ma zan rubuta masa su dabam, don nan ne rikici ya fi saurin tasowa. Ƙirgar ƙarshen wata kuma ni zan yi ta da kaina ranar da na dawo. Wayata za ta kasance a kunne, ban da safiyar ɗaurin aure.

Tun da na fara aiki a ƙarƙashinka a watan Maris na 2021 ka riƙe ni kamar ɗa, kuma bana ban ɗauki wani hutu ba in ban da ranakun Sallah. Duk da haka, idan ka ga mako biyu zai takura shago, kwanakin da ba yadda zan yi da su su ne daga Laraba 19 zuwa Talata 25 ga Nuwamba. Sauran na bar maka, abin da ka yanke shi zan bi. Roƙona kawai in samu amsa kafin ƙarshen wannan wata, don in san yadda zan tsara da mutanen Bauchi.

Katin gayyata yana tare da wannan takarda. Zan yi farin ciki ƙwarai in gan ka cikin iyayena a wurin ɗaurin aure, idan kuma tafiyar ba ta samu ba, muna sa ranka a walima tare da sauran abokan aiki.

Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a kasuwa, ya saka da alheri.

Naka mai biyayya,
Nasiru Ibrahim
Mai kula da sito