Sanarwa: an canza lokutan jam'i saboda zafi

Assalamu alaikum jama'ar masallacin unguwarmu nan Gadarif. Kun dai ga yadda zafi ya shigo, dattawanmu na shan wahala wajen fitowa Azahar cikin rana tsaka, shi yasa Liman da kwamiti suka zauna suka ce daga ran Asabar za a jinkirta ta zuwa 1:00, dama Annabi (SAW) ya ce a bari rana ta dan yi sanyi in zafi ya tsananta.

Asuba ta dawo 4:30 tunda alfijir na saurin ketowa yanzu. La'asar 3:30, Magariba da faduwar rana, Isha'i 7:20. Juma'a tana nan yadda take.

Dan Allah a fada wa wadanda basu da waya, musamman tsofaffi. Allah ya karba mana.